Jan San Kawu da Ingilishin Salula

Ni malamar Ingilishi ce a wani kolej a Magarya, kuma na daɗe a aikin har waɗanda na koya wa sun fara kawo mini 'ya'yansu. Duk abin da ya shigo danginmu da Ingilishi, takardar kwalin magani ce ko saƙon salula daga Nijeriya, ni ake nema. Ban saba a kawo mini rubutu in tsaya ina inda-inda ba. Shi ya sa ranar da ƙanena ya miƙo mini salularsa ya ce, "Yaya, don Allah karanta mini abin da mutanen nan ke faɗa," na karɓa da hannu ɗaya ina ci gaba da tsince shinkafa.

Ƙanen nan nawa magidanci ne, da mata da 'ya'ya. Rumfa gare shi a kasuwar Dungas inda yake sa wa salulolin mutane wuta da farantin hasken rana. Tun muna ƙanana mahaifinmu ya rasu, kawunmu wan mahaifiyarmu ya ɗauke mu zuwa ƙauyensu a bayan Dogo-Dogo. Ni na tafi lakwal, makarantar boko, na bar gida da wuri, shi kuwa a hannun Kawu ya girma, ba shi da wani uba sai shi. Duk Juma'a sai ya hau moto, wato babur, ya je, su ci tuwo akushi ɗaya.

Kawu yana da wani jan sa mai dogayen ƙaho da ya hora da kansa tun yana maraƙi. Ba ya sa masa igiya a hanci, murya kawai yake bi. Da kakar nan ƙanena ya ɗauki bidiyon Kawu yana dawowa daga gona: amalanke cike da dammunan hatsi, Kawu tsaye a gaba cak, hannuwa a goye a baya, san yana tafe shi kaɗai har ya karya kwana ya shige ƙofar gida ba tare da ya gogi danga ba. Ko ƙifta ido tsohon bai yi ba. Ƙanena ya ɗora a dandalin nan na gajerun bidiyo, bai nemi izinin kowa ba. Ya saba mutum goma su kalla su wuce. Wannan karon abin ya ɓalle ya bar ƙasar gaba ɗaya, mutanen da ba su san inda Nijar take ba suka yi ta rubutu a ƙarƙashi.

A kasuwa Kawu ya ji labari. Wani ɗan tireda mai zuwa Nijeriya ya nuna masa, samari sun kewaye suna dariya, ya ce, "Baba, ka ga, duk hoton ƙoƙon kan matacce suke ta jera maka." Kawu ya juya ya koma gida. Da Juma'a ta zo, ƙanena ya tarar da shi a bakin zaure. Kawu ya ce masa, "Idan ka mai da ni abin dariyar duniya, to ka koma inda ka fito. Kada ka ƙara taka zauren nan sai yayarka ta zo ta gaya mini abin da aka rubuta, gaskiya tsakaninta da Allah." Ƙanena yana ba ni labarin idonsa ya kawo ruwa, ƙaton mutum mai gemu. Raina ya ɓaci da shi, kuma ya ba ni tausayi.

Na ajiye faranti na duba. Na ga unc got aura. Na ga W unc. Na ga infinite aura, da wani wai ts tuff, ga kuma ƙoƙon kan nan birjik. Wallahi kamar an ba ni rubutun wani yare. Haruffan nawa ne, wasu kalmomin ma na san su, amma ban gane ko zagi ne ko gaisuwa ba.

Na ce, "Bar mini maganar tukuna."

Ya ce, "Yaya, ashe ke ma ba ki sani ba?"

Na ce, "Rufe mini baki. Kai da ka jawo."

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne unc ɗin nan. Ba sai an gaya mini ba, gutsuren kalmarsu ta kawu ne. To wa ya shaida musu kawunmu ne? Ƙanena ya rantse bai rubuta komai ba sai sunan gari. Sai na fara zargin akwai ɗan gida a ciki, wani mai jin haushinmu da ya fara rubutawa saura suka bi. Har na fara lissafa mutane a zuciyata, ciki har da wani maƙwabcin Kawu da suka taɓa rigimar iyakar gona. Shi kansa ƙanen nawa ban wanke shi ba. Na tsare shi da ido na ce ko dai ya san abin dariya ne ya ɗora don a kalla. Ya ce shi dai sha'awa abin ya ba shi. Na ce za mu gani.

Na ɗauko babban ƙamusun da na yi karatu da shi a Yamai. Aura na nan ciki, wai wani irin yanayi ko haske da ke kewaye da mutum. To sai me? Wa ke cewa tsoho a kan amalanke yana da haske marar iyaka in ba da gatse ba? Ts babu ita sam. Na danna wurin da na'urar ke fassarawa zuwa Faransanci, ta dawo mini da shirme, wasu kalmomin ma ta bar su yadda suke. Sai na shiga wani ƙamus na intanet da kowa ke iya zuba ma'anar da ya ga dama. Kalma ɗaya ma'ana barkatai, wata batsa, wata sunan budurwar wani. Can na lura kowace ma'ana tana ɗauke da lokacin da aka rubuta ta, kuma tsofaffin ba su da alaƙa da abin da nake nema. Na koma bin na baya-bayan nan kawai. Suka ce aura kamar kwarjini ne, W kuma nasara, kishiyarta L, faɗuwa. Ban yarda ba. Wanda ya rubuta ban san shi ba, ƙila yaro ne da ko wanki bai iya ba, kuma a kan maganarsa ba zan je gaban Kawu in rantse ba.

Na kira wata ƙawata da ke koyarwa a Daura. Ita da Ingilishi suke kwana suke tashi, na ce ai ta gama mini. Ta yi dariya ta ce ita ma ji take yara suna yi. Ta tambayi 'yan ajinta, ta dawo ta ce sun ce yabo ne, kuma wai har ya fara tsufa, an soma barinsa. Na yi godiya na kashe. Ni malama ce, na san abin da ɗalibai ke yi idan malami ya tambaye su ma'anar wata kalmarsu: su haɗa ido, su ba shi wadda ba za ta jawo musu bulala ba.

Daga nan na ce bari in daina tambayar mene ne, in koma duba ina ake sa ta. Kalma dai a kan wani abu take sauka. Na sayi kiredi, na zauna a tsakar gida bayan la'asar inda rezo ya fi kamawa, na rubuta aura a wurin nema. Bidiyoyi suka zubo. Ɗan ƙwallo ya ci ya juya bai ko yi murna ba, an rubuta masa aura. Wata mata ta cafe tulu da zai faɗi ba ta ko waiwaya ba, aura. Wani ya zame a gaban mutane ya tashi yana karkaɗe riga, shi kuma an rubuta an zare masa aura, har da alamar ragi da lamba, kamar malami yana rage maki. Na yi ta bi kwana da kwanaki, tuwona har ya kama sau ɗaya. Abin ya fara fitowa: duk wanda ya yi abu mai wuya bai nuna ya sha wuya ba, shi ake ba. Wanda ya ji kunya a bainar jama'a, shi ake zare wa. Kawu a tsaye da hannu a baya, ai ya shiga sahun farko.

Ƙoƙon kan ma na bi shi haka. Ba a gidan mutuwa ake sa shi ba, a ƙarƙashin abin dariya yake, ko abin da ya ba mutum mamaki har ya rasa ta cewa. Wai dariya ta kashe su ke nan. Ts kuwa, da na ga inda take zama a jimla, kullum a gaba, na gane nuni ne, kamar a ce wannan abu. Tuff kuma kalmarsu ce ta ƙarfi da tauri suka lalata rubutunta, suna nufin abin ya burge.

Har na fara sakin jiki, sai na ci karo da wani bidiyo. Wani bawan Allah yana barci a mota baki buɗe, an rubuta masa infinite aura, daidai abin da aka rubuta wa Kawu, da ƙoƙon kai a gefe. Ashe suna yi da gaske, suna kuma yi da gatse, kuma rubutun iri ɗaya ne. Mu idan muka ce wa mutum sannu da ƙoƙari, a murya ake jin wacce ake nufi. Nan babu murya. Na koma inda na fara, zargina ma ya fi na da.

Haushi ya sa na yi abin da ban so ba. A ƙarƙashin wani bidiyo daban, ba na Kawu ba, na rubuta tambaya da Ingilishina mai kyau, da babban baƙi da aya, na ce don Allah wani ya bayyana mini abin da ake nufi da wannan kalma. Kafin in sha ruwa an fara amsawa. Ɗaya ya rubuta found the unc, wai ga tsohon nan an gano shi. Wasu suka jera mini ƙoƙon kai. Ni, mace, uwar 'ya'ya, wai unc. Na yi tsaki har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Amma a nan na samu amsar da ban tambaya ba: duk wanda ya kwana biyu a duniya, ko ya nuna bai san yayinsu ba, unc ne a wurinsu, wani lokaci da girmamawa, wani lokaci da tsiya. Babu ɗan gidan da ya tona mana asiri. Na nemi gafarar Allah a kan maƙwabcin Kawu. Wata kuma, Allah ya yi mata albarka ko wace ce, ta amsa mini da hankali, ta ce kwarjini ne, amma in duba abin da ke cikin bidiyon da abin da ake amsa wa mai sharhin, don a nan ake gane ko wasa ne.

Na bi shawararta. Na koma bidiyon Kawu, na bar manyan sharhin, na shiga buɗe amsoshin da ke ƙarƙashinsu. A can ake faɗa. Wani ya rubuta stop glazing, ya ƙara da cewa sa ne kawai ya san hanyar gidansu. Mutane suka yi masa caa, suna jera masa L. Glazing ɗin ma sai da na bi ta wasu wurare kafin in kama ta: yabon da ya wuce kima, irin na maroƙi. Na koma na mai barci a mota na duba, babu wanda ya ce a daina yabonsa, kowa ya san shaƙiyanci ake. A na Kawu kuwa har akwai masu jin haushin yabon ya yi yawa. Ba a ƙorafin yabo sai inda ake yinsa da gaske. Wannan ce hujjar da na yarda da ita, don daga bakin maƙiyi ta fito.

Na kira ƙanena na ce ya zo ranar Asabar ya kai ni. A hanya yana ta tambaya, na ce ya kula da yashi kada ya kayar da ni. Amma raina fari tas. Da muka isa ya tsaya a gindin bishiyar bedi a waje, ni na shiga.

Na tarar da Kawu a inuwar rumbu yana gyaran igiyar guga, san yana ɗaure a turke yana tuƙa. Muka gaisa, na sha ruwa, aka tambayi yara. Sannan ya ce, "To, Madam, me suka ce?" Haka yake kirana in yana son tsokana, amma ranar babu wasa a fuskarsa.

Na ce, "Kawu, ba dariya suke maka ba. Na bincika ta ko'ina. Cewa suke kana da kwarjini, kai da san. Ƙoƙon kan nan mamaki ne, ba mugun fata ba."

Ya ce, "Kin tabbata, ko kina rufa wa ƙanenki asiri?"

Na ce, "Da rufa asiri zan yi da tun ranar farko na zo. Yabo ne, Kawu. Har faɗa ake a ciki, wasu na cewa yabon ya yi yawa a rage."

Na zaci zai yi murmushi. Sai ya ajiye igiyar.

Ya ce, "Su da kansu suka ce ya yi yawa?"

Na ce, "Ƙwarai."

"Mutum nawa ne?"

Na ce ba su ƙirguwa, sun fi mutanen kasuwar Dungas ranar da ta cika, nesa ba kusa ba.

Ya juya ya daɗe yana kallon san. Ya ce, "A cikinsu wa ya ce tubarkalla?"

Sai a lokacin na ji inda maganar ta dosa. Ni da ko jaririn maƙwabta ba na cewa ya yi ƙiba sai na haɗa da masha Allah. Kwana da kwanaki ina tono don in tabbatar yabo ne, ban tsaya na tuna a gidan da zan kai shi ba. Na ciro salula na shiga ja da yatsa. Na samo 'yan Hausawa da wasu Larabawa da suka rubuta masha Allah, na nuna masa. Ya ce, "Sauran fa?" Na ce su ba su san da wannan ba, ba al'adarsu ba ce, ba da mugunta suke yi ba.

Ya ce, "Baki ba ya tambayar niyya, 'yar nan. Da dariya suka yi mini, ni kaɗai zan ji kunya, in kwana biyu ta wuce. Shekara nawa ina shigo da san nan ta bayan gari don kada a cika kallonsa."

Na ce za a goge bidiyon yanzu-yanzu. Ya ce a goge. Na fita na gaya wa ƙanena, ya goge a gabana. Amma gaskiya aka ce in faɗa tsakanina da Allah, don haka na koma na gaya wa Kawu sauran: wasu sun riga sun kwafa sun ɗora a nasu shafukan, na gansu da idona ina cikin bincike, kuma waɗannan ba mu da iko da su. Ana nan ana kallo, ana rubutawa. Na so in haɗiye wannan maganar, Allah ya sani.

Kawu ya ce, "Kira shi."

Ƙanena ya shigo ya durƙusa. Kawu ya ce, "Yayarka ta wanke ka, ba ka mai da ni abin dariya ba. Na ce in haka ne za ka shigo, ka shigo." Ƙanena ya fara godiya, Kawu ya ɗaga masa hannu. "Ranar kasuwa ka zo da wuri. Kai za ka ja san."

Na ce, "Kawu, lafiyarsa lau fa. Dubi yadda yake ci."

Ya ce, "Shi ya sa. Gara ya bar hannuna yana tsaye."

Na yi magana har na gaji, na kawo shawarar addu'a, na kawo ta rubutun sha, na ce a kira malam ya tofa. Ya ce malam zai tofa wa bakin mutum ɗaya ko biyu da aka sani, ba na duniya ba. Na fusata na ce wannan ai asara ce da gangan. Ya ce, "Da sanki ne sai ki riƙe."

Ban je kasuwar ba, ina aji. Ƙanena ya ce da aka zo sa wa san igiya a hanci ya ƙi, don bai san ta ba, sai da Kawu ya yi masa magana ya tsaya aka huda. Wani dillali daga Nijeriya ya saya. Kawu bai tsaya ganin an loda shi a mota ba, ya juyo gida a ƙasa, ya ƙi hawa moton ƙanena.

Kalmomin da na sha wahala a kansu yanzu an fara barinsu. 'Yan ajina wasu sababbi nake ji a bakinsu, in na ga dama in bi sawunsu yadda na koya, in ban ga dama ba in ce su yi mini shiru. Ƙanena ya koma zuwa duk Juma'a, kuma Kawu yana amsa gaisuwarsa, suna cin tuwo akushi ɗaya. Tun daga zaure yake kashe salular ya tura ta can cikin aljihu, ba wanda ya sa shi. Na je wata Juma'a na tarar da jikokin Kawu suna wasa a tsakar gida, har da wata 'yar ɓul-ɓul da ta fara tafiya. Muka ji tsayuwar moto a waje. Kawu bai ɗaga kai ba, ya ce wa matarsa a hankali, "A shiga da yaran nan ɗaki." Ƙanena yana bakin ƙofa da ledar alewar da ya sayo musu, kuma ya ji maganar.